Idan Aka Yaba Maka da Turanci, Me Za Ka Ce?

Mutum zai iya rubuta rahoto mai shafi talatin da Turanci ba gargada, amma da zarar shugabarsa a wurin aiki ta ce masa ya yi ƙoƙari, sai baki ya mutu. Ba ƙarancin kalmomi ne ke jawo haka ba. Abubuwa biyu ne ke jan mutum a lokaci guda, kowanne na son a bi shi. Wata masaniyar nazarin zance, Anita Pomerantz, ta fayyace su tun 1978: ladabin hira yana son ka yarda da abin da abokin maganarka ya faɗa, kuma ladabin nan dai yana son ka guji yabon kanka. Ka yarda da yabon, ka yabi kanka. Ka musa, ka ƙaryata mai yabon.

Mu da muka tashi da karin maganar nan ta yabon kai jahilci, mun fi karkata ga musawa. Aka ce abincinki ya yi daɗi, sai ki ce haba, ai dai an taɓa. Aka ce aikinka ya yi kyau, sai ka ce ina, yin Allah ne. A tsakaninmu kowa ya san wannan kunya ce da kawaici, kuma mai yabon ba ya jin an ƙi maganarsa. Matsalar tana tasowa ne idan aka kwashi wannan salon aka zuba shi cikin Turanci a gaban wanda bai san shi ba.

Ga misali. Wani matashin ma'aikaci ya gabatar da bayanin kuɗin da aka kashe a wata uku a gaban taro. Da aka tashi, shugabarsa, Baturiyar Ingila, ta tsayar da shi a bakin ƙofa ta ce: "That was really clear. Well done." Wato bayanin ya fito fes, ya yi ƙoƙari.

Idan ya ce "No, no, it was terrible", ya ɗora mata aiki. Yanzu dole ta sake yabonsa, ta lallashe shi, ta kawo hujja. Yabon da ya kamata ya ƙare cikin daƙiƙa biyar ya koma ja-in-ja, kuma tana iya zaton ko dai ba shi da tabbas a kan aikinsa, ko kuma ƙarin yabo yake farauta. Akwai ma abin da ya fi wannan: ita ce ta duba aikin ta ce ya yi, shi kuma yana gaya mata ba ta iya dubawa ba. Idan kuwa ya ce "Yes, I'm very good at this", ya ɗauki yabon ya ƙara masa tsawo da kansa. Ita aiki ɗaya ta yaba, na yau. Shi ya mayar da maganar kan ƙwarewarsa baki ɗaya.

Mafitar tana cikin fahimtar cewa godiya daban, amincewa daban. Wanda ya ce "Thank you" bai ce shi gwani ba ne. Ya dai nuna maganar ta iso, kuma ta yi masa daɗi. Shi ya sa wannan amsar take kuɓutar da mutum daga ɓangarorin biyu, kuma ita kaɗai ma ta isa, muddin an faɗe ta da sakin fuska ana kallon mai maganar. Sunkuyar da kai a gaban babba tarbiyya ce a wurinmu, amma Bature na iya ɗaukarsa a matsayin rashin jin daɗi.

Sai dai godiya tsurarta wani lokaci tana barin shiru a tsakani, saboda masu Turanci sukan yi amfani da yabo wajen buɗe hira. Don haka ake ƙara jimla ɗaya, ba biyu ba, kuma ta zama gaskiya. Matashin nan zai iya cewa "Thank you, I'm glad it was useful", ya juya maganar ga amfanin da ta samu. Ko ya ce "Thanks. The second table took me a while", ya ambaci jadawalin da ya ba shi wahala. Wannan ta biyun ita na fi so, domin ba ta ɓoye gumin da ya zuba ba, ba ta kuma yi fariya da shi ba, sannan ta ba shugabar ƙofar da za ta shiga ta ci gaba da magana idan tana so. Idan da gaske wasu sun taimaka, sai ya faɗi abin da suka yi takamaimai, misali cewa sashen akanta ne ya haɗa masa alƙaluman. Amma kada ya miƙa wa abokan aiki dukan abin alhali shi ya kwana a kansa. Shugabar da ta ji haka sau uku za ta gaskata, kuma da abin da ta gaskata za ta yi aiki ranar da ake maganar ƙarin girma.

Ta yaya mutum zai gane tawali'unsa na gaske ne ko na baka? Ya ƙaddara mai yabon ya yarda da abin da ya faɗa. Ka ce aikin ba wani abu ba ne, ita kuma ta ce haka ne, da ma ba wani abu ba ne. Idan ranka zai sosu, to da ma ba abin da ke zuciyarka ka faɗa ba, jira kake a musa maka. Idan kuwa da gaske akwai gyara a aikin, ba a hana ka faɗa ba, amma godiya ce farko, sannan gyaran ya zo a taƙaice kuma a kan abu guda: shafi kaza ya so ya yi tsawo, zan rage shi. Wannan magana ce ta aiki, kuma ana jin bambancinta da kushe kai.

Kada a ɗauka duk masu Turanci bakinsu ɗaya a nan. Robert Herbert ya tattara amsoshin yabo sama da dubu daga ɗaliban Amurka, ya tarar waɗanda suka karɓi yabon kai tsaye ba su wuce kusan kashi 36 cikin 100 ba, alhali a cikin masu Turanci na Afirka ta Kudu sun kai wajen kashi 76. Janet Holmes kuma ta samu kusan kashi 61 a New Zealand. Ke nan su ma suna kaucewa, musamman tsakanin abokai, inda ake ragewa yabo kaifi da wasa ko da labarin inda aka sayo rigar. Abin da ba su cika yi ba shi ne ƙaryatawa ƙiri-ƙiri, kuma shi ne mai koyo ya fi faɗawa ciki. Wasan nan ma a bar shi sai an saba. "I know" a bakin aboki na iya sa dariya, a gaban shugaba kuwa girman kai za a ji.

Ba a ce mai imani ya ajiye godiyar Ubangijinsa don yana Turanci ba. A Kano ko Abuja, ka ce "We thank God" kowa ya gane. Amma ga mutumin Landan, "Thank God" tsurarta tana fitowa kamar ajiyar zuciyar wanda ya tsallake rijiya da baya, sai ya zaci fargaba kake aikin zai lalace. Ka fara gode wa mutumin da ya yaba, sannan ka ƙara Alhamdu lillahi idan ka so.

Haka ma rama yabo nan take. An ce bayaninka ya yi kyau, kai ma ka ce nata ya yi kyau, alhali ba ta yi wani bayani ba ranar. Ana jin wannan kamar biyan bashi. Idan akwai abin da ya burge ka a aikinta, ka riƙe shi zuwa wani lokaci, ka faɗe shi da sunansa: tambayar da ta yi a taron, ko gyaran da ta yi wa shafin ƙarshe.