Kumfar sabulu da tiyon gas

Gas ɗin girki ba shi da wari tun asali, kamfani ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya kama shi idan ya tsere. Sai dai hanci ba ya nuna inda yoyon yake. Kuma gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka mai tsaye tana girki kan yi jinkirin jin sa. Kumfar sabulu ce ke nuna wurin.

A ce an dawo da tukunya mai kilo 12.5 daga wurin cikawa. A kaɗa sabulun wanke-wanke cikin ruwa kaɗan har ya yi kumfa. A rufe duk makunnan murhu, a ɗaura regulato, sannan a buɗe shi. Mutane da yawa a nan suke kuskure: suna gwaji da regulato a rufe, alhali tiyon da babu gas a cikinsa ba zai nuna komai ba. A kashe duk wata wuta da ke kusa. Masu gwadawa da ashana kuwa, Allah ya kyauta.

Da soso za a shafa kumfar a wuyan tukunya, da inda regulato ya zauna, da bakin tiyo biyu, sannan a bi jikinsa ana ɗan lanƙwasa shi. A dakata kamar minti ɗaya. Kumfar da ta kwanta shiru ba komai ba ce. Wadda ke kumbura tana fashewa, wata na biyo ta a wuri guda, ita ce yoyo.

Idan a gindin regulato take tasowa, yawanci 'yar robar da ke cikin bakin tukunya ce ta cinye ko ta faɗi wajen cikawa. A rufe, a cire regulato, a sake zaunar da shi. In ta ci gaba, a fitar da tukunyar waje, a mayar wa mai gas ya sauya robar. Idan a bakin tiyo ne, a ƙara ɗaure kilif, amma kada a matse har ya yanka robar. Idan kuwa a tsakiyar tiyo ne, magana ta ƙare, sai sabo. Naɗa leda ko salatif ba gyara ba ne.

Tiyo mai kyau yana ɗauke da shekarar da aka ƙera shi a jikinsa, kuma yawancin masu ƙerawa ba sa so ya wuce shekara 5. A ganina, a kicin irin namu mai zafi da maiƙo da ɓeraye, bai kamata a jira cikar wa'adin ba. Da zarar ya ƙage, ko ya nuna tsattsagewa idan an lanƙwasa shi, ko ya yi laushi yana danƙo, ko wuta ta lashe shi, a canza. A sayi na gas takamaimai, domin tiyon ruwa ba a yi shi don gas ba, yana saurin lalacewa. Bayan an ɗaura sabon, a sake gwajin kumfa kafin a kunna murhu.