Motar farko: kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

Tun da 'yan sanda suka fara tsananta binciken inshorar mota a faɗin Najeriya ranar 1 ga Fabrairun 2025, maganar ba ta bar bakin masu motoci ba. A tashar Jega, a majalisun Aliero, har a gindin bishiya a Sabiyal, abin da ake ta nanatawa shi ne gwamnati ta ƙirƙiro sabon haraji na naira dubu 15 don ta ƙara matse talaka. Ba sabo ba ne, kuma ba haraji ba ne. Dokar da ta wajabta wannan inshora ta samo asali tun 1945, kuma hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa ta ɗaga kuɗin daga naira dubu 5 zuwa dubu 15 ne tun 1 ga Janairun 2023. Abin da ke damuna a wannan ƙorafi shi ne an tasa mafi ƙanƙantar ɗawainiyar mota a gaba ana ta faɗa, manyan kuma ba mai ambatonsu sai ranar da suka kwantar da motar a ƙofar gida.

Ga yadda abin ke faruwa a yankinmu. Mutum ya sayar da albasarsa kasuwa ta yi kyau, ko adashi ya zagayo kansa, ko ya karɓi bashin ma'aikata. Kuɗi ya taru a hannu, a ce naira miliyan 6. Tambayar da yake yi wa dillali guda ɗaya ce: wace mota miliyan 6 za ta saya? Sai ya zube kuɗin kaf, har la'adar dillali ma sai ya ranto, ya shigo gari ana yi masa Allah ya sanya alheri. Alhali duk manomin rani a nan ya san cewa kuɗin injin ban ruwa ba shi ne abin tsoro ba, man da zai sha daga dashe zuwa cirar albasa shi ne lissafi, kuma ba ka taɓa ganin wanda ya ƙarar da jarinsa a kan inji ya bar gona ba kuɗin mai. Amma da an zo kan mota sai wannan hankali ya gushe.

Bari mu yi lissafin da gaske. Alƙaluman farashin da zan kawo misali ne, kowa ya cire su ya sa na kasuwar ranar da yake karatu. Tsarin lissafin ne ba ya canjawa. Mu ɗauki matashi daga ɓangaren Sabiyal da ya sayi tsohuwar Korola. Daga Aliero zuwa Birnin Kebbi ta Jega kusan kilomita 50 ne, zuwa da dawowa 100 ke nan. Idan yana shiga Birnin Kebbi sau ɗaya a mako, ya haɗa da zirga-zirgar Jega, da zuwa biki ko ta'aziyya Maiyama, da kai mara lafiya asibiti (wanda duk mai mota a ƙauye ba ya tsere masa, kuma bai kamata ya tsere ba), ba wuya ya ci kilomita 1,000 a wata. Tsohuwar mota irin wannan, da na'urar sanyi a kunne da hanya mai ramuka, a ƙaddara mata lita 10 a kowace kilomita 100. Lita 100 ke nan a wata. In lita tana naira 1,000, man wata ɗaya dubu 100 ne, na shekara miliyan 1 da dubu 200.

A tsaya a dubi wannan adadi. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kebbi ta amince da shi a 2024 naira dubu 75 ne. Wato man wata guda na wannan ƙaramar mota ya zarce albashin ƙaramin ma'aikaci gaba ɗayansa. Yayyenmu da ke ba mu shawarar sayen mota sun riƙe tasu ne lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba. Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, wancan zamani ya wuce. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Shawararsu da zuciya ɗaya suke ba da ita, sai dai lissafinta na wata duniya ne.

Kada kuma a yarda da "ba ta shan mai" daga bakin mai sayarwa. Akwai gwaji mai sauƙi. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita da ke kan allon gaban direba, a yi tafiyar yau da kullum, sannan a koma a sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita motar ta sha. In an yi kilomita 300 ta ɗauki lita 30, lissafinmu ya yi daidai. In ta ɗauki 42, lita 14 take sha a kilomita 100, kuma wannan bambanci kaɗai dubu 40 ne a wata. Galibi dalilin bai wuce tsofaffin fulogi ba, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko taya mara isasshiyar iska, ko kuma an cire mata na'urar nan mai daidaita zafin inji, wadda wasu makanikai ke jefarwa da sunan wai ta ƙasar sanyi ce. Wanda ba a ba shi damar dogon gwaji kafin ciniki ba, ya yi shi a makon farko, ya gyara kasafinsa a kai.

Bayan mai sai kula da lafiyar motar. A ƙurarmu da zafinmu, wanda ke yin kilomita dubu 12 a shekara ya shirya juyen baƙin mai da matata sau uku. A dubu 35 kowane juye, dubu 105 ke nan. Taya huɗu da batir ba kowace shekara ake saye ba, shi ya sa ake mantawa da su har sai sun zo a tare kamar sun haɗa baki. A raba kuɗinsu gida biyu, a ware kamar dubu 160 duk shekara. Wajen taya a durƙusa a duba gefenta: akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2318, a mako na 23 na 2018 aka yi ta, kuma komai kyan zanenta ta tsufa; kwalta mai zafi ta watan Afrilu tsakanin Jega da Maiyama ba ta raga wa irinta. Sai gyaran da ba ya sallama, birki, shokozoba, lagireto, famfon mai. Tsohuwar mota ba ta shekara ba ta nemi ɗayansu ba, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, don kusan duk daga waje ake shigo da su. A ajiye masa dubu 250. Sabunta takardu da inshora a sa musu dubu 40.

In aka tara duka, riƙon wannan mota ya kama naira miliyan 1 da dubu 755 a shekara, wajen dubu 146 a wata. Tafiya ɗaya zuwa Birnin Kebbi da dawowa, wadda mai motar ke cewa ta ci masa man dubu 10, a haƙiƙa ta ci kusan dubu 14 da ɗari 6. Ragowar bashi ne da taya da inji ke rubuta masa. Ita kuwa inshorar da ake ta hayaniya a kanta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan jimla ba. Kuɗin lita 15 ne, sau ɗaya a shekara.

Me ake saye da dubu 15 ɗin? Ba gyaran motarka ba. Kariya ce daga haƙƙin wanda ka yi wa ɓarna: in ka ji wa wani rauni, ko aka rasa rai, ko ka lalata dukiyarsa, kamfanin ne zai biya, kuma a ɓangaren dukiya har zuwa naira miliyan 3. Sabon direba shi ya fi kowa buƙatar wannan, musamman a mahaɗa irin ta Jega inda tireloli da babura da masu tura kaya ke cakuɗe wuri ɗaya. Karo ɗaya da motar wani babban mutum ya isa ya sa a sayar da gona. Mai son a biya shi ɓarnar tasa motar sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, wato dubu 250 a shekara ga motar miliyan 5. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da inshora ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful irin su Noor da Jaiz masu lasisin hukuma. Sai a kula da abu ɗaya: inshorar motar gida ba ta ɗaukar nauyin kabu-kabu. Wanda ke shirin ɗibar fasinja don ya rage kuɗin mai, ya faɗa wa kamfanin tun farko.

Asarar gaske ita ce takardar bogi. Shekara da shekaru mutane na miƙa kuɗi ga 'yan ka-yi-na-yi a harabar ofisoshin lasisi, a haɗo musu da wata takarda da babu kamfanin da ya san da ita. Hukumomi sun san da wannan kasuwa, a gabansu take ci, kuma da an yi rabin ƙoƙarin da ake yi wajen tare hanya a kan wayar da kan jama'a da korar waɗannan mutane, da ƙorafin bai kai haka ba. Kafin su farka, kowa na iya tantance tasa a wayarsa: a danna *565*11# a shigar da lambar motar. In bayanan inshorar ba su fito ba bayan 'yan kwanaki da biya, a koma wa wanda ya karɓi kuɗin.

Mu da ke jihar kan iyaka muna da ƙarin abin dubawa. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, don haka 'yar Kwatano mai arha fiye da kima a fara tambayar takardar kwastan ɗinta, a kuma tantance ta a ofishinsu kafin a biya ko kwabo. Motar da aka kama babu kasafin da zai cece ta.

Mu koma ga mai miliyan 6. Makon farko yana da nasa kuɗin: canjin sunan mai mota, juyen mai, taya biyu aƙalla, da abin da makanikensa zai gano, a ce dubu 400. Sai ya ware kuɗin riƙon wata shida, kimanin dubu 900. Wannan ya fi zama dole ga manomi, domin kuɗin albasa sau ɗaya yake zuwa a dunƙule, mota kuwa kowane wata take ci, kuma lokacin da za a buƙaci kuɗin iri da taki da man ban ruwa ba za ta dakata ba. Abin da ya rage miliyan 4 da dubu 700 ne, kuma shi ne adadin da zai faɗa wa dillali, har da la'ada a ciki. In kuma ya duba abin da ke shigo masa ya ga dubu 146 a wata zai taɓa abincin gida ko kuɗin makarantar yara, to kilomita zai rage. Babur ya ci gaba da zuwa gona da kasuwa, motar ta tsaya ga iyali da doguwar tafiya. A kilomita 500 a wata man ya koma dubu 50, juyen baƙin mai ya koma sau biyu a shekara, takardu da batir ne kawai ba su ragu ba.