Yadda ake ɗora harajin VAT a kan farashi da yadda ake cire shi

Wannan bayani ne a kan lissafin harajin VAT, wanda a bakin mutanen gari ake ce masa dariba. An fara karɓarsa a Saudiyya a Janairun 2018 a kan kashi 5 cikin ɗari, daga ranar 1 ga Yulin 2020 kuma ya koma kashi 15. Ɗora shi a kan farashi ba ya ba mutane wahala. Wajen cire shi ne ake yawan tafka kuskure, kuma kuskuren kuɗi yake ci.

Mu fara da ɗorawa. A ce mai shago zai sayar da dadduma 40, kowace ɗaya riyal 30 kafin haraji. Jimla riyal 1,200 ke nan. Kashi 15 na 1,200 shi ne 180, don haka mai saye zai biya riyal 1,380. A kalkuleta taki ɗaya ne: a ninka farashin da 1.15.

`1200 × 1.15 = 1380`

Ɗayan da ke cikin 1.15 shi ne kuɗin kayan, 0.15 ɗin kuma shi ne harajin.

Yanzu mu juya maganar. Ga riyal 1,380 a hannu, harajin na ciki, ana son a san nawa ne na kaya, nawa ne na hukuma. Abin da ya fi saurin zuwa wa mutum shi ne ya fitar da kashi 15 na 1,380 ya debe. Wannan zai ba shi haraji 207, kuɗin kaya 1,173. Amma mun riga mun san harajin 180 ne, domin mu muka ɗora shi da hannunmu. An samu ƙarin riyal 27 da ba shi da asali.

Dalilin kuskuren shi ne, kashi 15 ɗin a kan 1,200 aka lissafa shi, ba a kan 1,380 ba. Farashin da haraji ke cikinsa kashi 115 ne, ba 100 ba: ɗari na kaya, goma sha biyar na haraji. Wanda ya debe kashi 15 daga jimlar ya lissafa haraji har a kan harajin kansa. Tunda da ninkawa aka ɗora shi, da rabawa za a cire shi.

`1380 ÷ 1.15 = 1200`

`1380 − 1200 = 180`

Akwai gajeriyar hanya ga mai son lissafi da ka. Goma sha biyar cikin 115 daidai yake da uku cikin 23. Wato a duk riyal 23 da mai saye ya biya, 20 na kaya ne, 3 na haraji. A raba 1,380 gida 23, a samu 60. Sittin sau uku 180, sittin sau ashirin 1,200.

Ta yaya za a gane an yi daidai? A mayar da amsar inda ta fito. Duk abin da aka samu a matsayin kuɗin kaya, a ninka shi da 1.15 a gani ko zai koma jimlar farko. Idan aka gwada 1,173, abin da zai fito shi ne 1,348.95, ya gaza 1,380 da riyal 31 da ɗoriya, ka ga lissafin ya karkace. Wannan gwajin ba ya cin minti ɗaya.

Inda abin ya fi zafi shi ne wajen ciniki. A ce mai shagon nan yana da rajistar haraji, kuma ya saro daddumar a kan riyal 1,000, da haraji 150, ya biya 1,150. Ya sayar a 1,380. Harajin da ya karɓa 180 ne, wanda ya biya wajen sari 150 ne, saboda haka bambancin, riyal 30, shi zai miƙa wa hukumar ZATCA. Ribarsa 200: daga 1,380 a debe 1,150, a debe 30.

To amma a ce ya faɗa wa mai saye 1,200 kawai, bai ce ban da haraji ba, mai sayen ya biya ya tafi. Harajin bai faɗi ba, yana cikin 1,200 ɗin. Idan aka raba da 1.15, kuɗin kaya 1,043.48 ne, haraji 156.52. Ribar da ta kamata ta zama 200 ta koma riyal 43.48. Ƙa'ida a Saudiyya ita ce farashin da aka liƙa wa kaya domin jama'a ya haɗa da haraji. A cinikin sari kuwa, tun kafin a sallama a yi tambaya: da haraji ne ko ban da shi?

Ragi ma haka yake. Idan an yi ciniki aka sauko daga 1,380 zuwa 1,265, harajin ba zai tsaya a 180 ba. A raba 1,265 da 1.15, a samu 1,100, haraji 165. Ragin riyal 115 ɗin ya kasu biyu: 100 daga aljihun mai shago, 15 daga haraji.

Sai maganar halala. Kaya na riyal 9.99 idan aka ɗora masa haraji zai ba da 11.4885, a cike shi zuwa 11.49. Wanda ya ninka wannan da guda 100 zai samu 1,149. Wanda ya fara haɗa kuɗin, 999, sannan ya ɗora haraji, zai samu 1,148.85. Bambancin halala 15 daga cikewa da wuri ya fito. A bar cikewa sai a takin ƙarshe, kuma idan an ga ɗan saɓanin halala tsakanin rasit da kalkuleta, nan za a fara dubawa.

Wannan lissafi yana da iyaka. Ba kowane abu ke ɗaukar kashi 15 ba. Hayar gidan zama ba ta da wannan haraji, wasu magungunan da hukuma ta ayyana kuma harajinsu sifili ne. Rasit ɗin kantin magani da ya haɗa irin wannan magani da sabulu ba za a raba jimlarsa da 1.15 ba, sai an ware kayan da ke da haraji a lissafa su su kaɗai. Haka kuma wanda ba shi da rajista ba shi da ikon karɓar haraji a hannun kowa. Rajistar tilas ce ga wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000, kuma lambarta, mai alƙaluma 15, tana fitowa a jikin rasit.

'Yan uwanmu da ke wasu ƙasashe, hanyar ɗaya ce, adadin ne ke canzawa. A Birtaniya, inda harajin yake kashi 20, da 1.2 ake ninkawa ko rabawa, harajin kuma ɗaya ne cikin shida na jimla. A Kamaru, inda yake kashi 19.25, da 1.1925 ake aiki. Allah Ya sa albarka a nema.