Wasiƙar Ajiye Aiki a Banki: Kwanan Wata da Miƙa Amana

Ma'aikatan bankunan Najeriya da ke ajiye aiki su nufi Birtaniya ko Kanada sun yawaita a 'yan shekarun nan, kuma kusan kowannensu da gajeren imel yake sallamar manajansa. Mai tafiya yakan ɓata dare yana gyara kalaman godiya, alhali layin da zai iya cin kuɗinsa shi ne na kwanan wata.

Mu ɗauki misalin jami'i mai kula da asusun 'yan kasuwa a wani reshen banki a Kano, wanda ya samu biza. Da Turanci ake rubuta irin wannan saƙo a banki, amma abin da ya kamata ya ƙunsa bai wuce haka ba:

"Ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa na ajiye aikina. Bisa sharaɗin wata ɗaya da ke cikin takardar ɗaukata aiki, ranata ta ƙarshe ita ce 31 ga Maris. Zan koma ƙasar waje da iyalina. Na gode da riƙon da ka yi mini, musamman yadda ka koya mini tantance masu neman rance. Zan miƙa cikakken bayanin aikina kafin 20 ga Maris, kuma a shirye nake in zauna da wanda zai gaje ni."

Sharaɗin wata ɗayan nan ba daga kansa ya ƙirƙiro shi ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara wa'adin sanarwa, daga kwana ɗaya har zuwa wata ɗaya ga wanda ya shekara 5 ko fiye, amma dokar ba ta haɗa da jami'an gudanarwa da ƙwararru ba. Don haka jami'in banki takardar ɗaukarsa aiki zai duba. Idan ta ce wata ɗaya, shi kuma ya aika saƙo ranar 1 ga Maris alhali jirginsa na tashi ranar 15, to sauran kwanakin sai ya biya su da kuɗi, ko ya roƙi a cike su da hutunsa na shekara da bai ci ba. A albashin naira 450,000, misali, rabin wata ya kai wajen 225,000, a daidai lokacin da kowane kwabo yake son ya zama fam. Shi ya sa ake tura kwafi ga sashen kula da ma'aikata a kuma nemi amsar cewa saƙo ya isa, domin daga ranar isarsa ake fara ƙirge. Ya kuma ajiye kwafinsa a wajen akwatin imel na ofis, wanda za a rufe da zarar ya tafi.

Godiya kuwa layi biyu sun isa, in dai ta ambaci abu ɗaya takamaimai. Ƙorafi kan ƙarin girman da aka hana shi ba nan ne wurinsa ba. Wasiƙar za ta shiga fayil, kuma wannan manajan ne wata rana wani banki a Manchester ko Calgary zai tambaya game da halinsa.

Inda aikin yake shi ne miƙa amana. "A shirye nake in taimaka" magana ce kawai in ba rana da takarda. Jami'inmu zai jera kwastomominsa ɗaya bayan ɗaya: wane ɗan Kantin Kwari ne rancensa zai cika a watan Afrilu, takardar gidan wa ke ajiye a matsayin jingina, ƙorafin wa kan kuɗin da ya maƙale ba a warware ba. Akwai kuma abin da ba ya cikin kwamfuta, kamar Alhajin da ba ya ɗaga waya sai bayan la'asar, wanda in ba a kai masa sabon jami'i har shago an gabatar ba, zai iya kwashe kuɗinsa zuwa bankin da ke tsallaken titi. Maɓalli, katin shaida da kwamfuta a miƙa su da sa hannun mai karɓa. Lambar sirrin shiga manhajar banki kuwa ba a miƙa ta ga kowa, ko manaja ne. Sai dai ya nemi a rufe ta ranar ƙarshe, don duk kuɗin da aka taɓa da sunansa bayan ya tafi, shi za a fara nema.

Sauran abu biyu ya kamata ya tambaya tun a makon farko. Rancen ma'aikata mai sauƙin ruwa yakan zama abin biya nan take ko ya koma kan ruwan kasuwa, kuma banki kan cire shi daga haƙƙoƙin sallama kafin ya ba da takardar wanke ma'aikaci. Fansho kuma ba ya bin banki: yana nan a asusunsa wurin kamfanin da ke kula da shi, kuma Dokar Fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya cire har kashi 25 cikin 100 idan ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba.