Tauraruwar da ke manne da lamba

A teburan rahoton lafiya na NDHS, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar a 2019, alamomi biyu ne ke yawan tsayar da mai kwafe lambobi daga hoton shafi. Lambar da ke cikin baka, kamar (34.6), tana nufin mutanen da aka lissafa kason a kansu tsakanin 25 da 49 ne kawai. Tauraruwa, wato *, ita kaɗai a gurbi tana nufin ba su kai 25 ba, shi ya sa aka ɓoye adadin.

Wanda ya rubuta sifili a gurbin tauraruwar ya yi wa teburin ƙage. A bar gurbin fanko. Wanda kuma ya kwafe baka yadda take ya jawo wata matsalar, domin Excel na ɗaukar (34.6) a matsayin -34.6, irin lissafin akanta.

Abin da ya fi, a ganina, shi ne a raba gida biyu: lamba tsura a gida ɗaya, alamarta a na kusa, sannan a kwafe bayanin ƙasan teburin kalma bayan kalma, tunda ma'anar tauraruwa takan bambanta daga littafi zuwa littafi.

Ƙaramar lambar da ke saman adadi ta fi ha'inci. Manhajar karanta hoto takan mayar da 12.4¹ zuwa 12.41. Yadda ake kama ta: idan duk jerin lamba ɗaya gare shi bayan ɗigo, wannan kuma biyu, sai a koma hoton a ƙara girmansa a duba.