Man rozmari da gaban goshi

Masu tallan man rozmari sun cika wayoyin matan Batsari da Safana da alƙawarin dawo da gashi. Hujjarsu gwaji ne da aka yi a Iran, aka wallafa a 2015: maza 100 masu sanƙon gado, rabi suka shafa man, rabi maganin minoksidil mai kashi 2 cikin ɗari. Wata uku shiru. Sai a wata shida gashin ɓangarorin biyu ya ɗan ƙaru. Amma babu rukunin da aka ba man banza don kwatantawa, kuma ba mace ko ɗaya.

Hujjar tausar fatar kai ta fi rauni: maza tara a Japan, 2016, silin gashi ya yi kauri, amma yawan gashin bai ƙaru ba.

Gaban goshin da kitso mai tsauri ya cinye kuwa, sassauta kitson yake buƙata tun wurin bai zama tabo ba.