Ranar Takieta da launin fatar ɗan Adam

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Takieta, inda hanyar Matamaye da Kano ta rabu da babbar hanyar Damagaram zuwa Maraɗi, zai ga mutane launi-launi: ga baƙi wuluk, ga wankan tarwaɗa, ga Buzu ko Bafillace wanda muke ce wa fari ko ja. Mun saba da ganin haka har ba mu tambayar dalili. To amma masana sun yi tambayar, kuma amsar da suka samu tana cikin abu biyu: wani sinadari na fata mai suna melanin, da kuma ƙarfin rana a ƙasar da kakannin mutum suka daɗe.

Melanin shi ne rinin jiki. Akwai wasu ƙwayoyi a ƙasan fatar sama waɗanda aikinsu ke nan, su haɗa shi su rarraba wa maƙwabtansu. Abin mamaki, yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne ga Bahaushe da Bature. Bambancin yana wajen aiki: na baƙin mutum suna haɗa rini mai yawa kuma mai duhu, na Bature suna haɗa kaɗan. Kamar marina biyu ne masu ma'aikata daidai, ɗaya tana zuba baba da yawa, ɗaya tana tsantsame hannu.

Amfanin rinin shi ne tare wani ɓangare na hasken rana wanda ido ba ya gani, wanda ake kira ultrabiyole. Shi ne mai ƙona fata, mai kuma lalata ƙwayoyinta. Wani awo da aka yi a Amurka a 1979 ya nuna cewa cikin kashi 100 na irin hasken da ya fi ƙuna, kusan 7 ne ke ratsa baƙar fata, alhali kusan 24 ne ke ratsa fara.

Mu dubi ranar Takieta. Garin yana tsakanin digiri 13 da 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana takan tsaya tsaka a kan mutum har inuwarsa ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Ko a Disamba, lokacin da ta fi karkata, mutum mai tsawon mita 1 da santimita 70 inuwarsa da tsakar rana ba ta fi mita 1 da santimita 30 ba. A wannan rana ɗin, inuwar mutumin a birnin Paris ta haura mita 5. In rana ta karkata haka, haskenta yakan bi doguwar hanya cikin iska kafin ya sauko, sai yawancin mai ƙunar ya ɓace a sama. Ke nan tsawon inuwa ma'auni ne: gajeriyar inuwa, rana mai ƙarfi.

A irin wannan rana ta Afirka ɗan Adam ya samo asali. Masana suna ganin cewa, sama da shekara miliyan da ta wuce, bayan gashin jiki ya ragu don zufa ta riƙa sanyaya mai tafiya cikin zafi, sai fata ta zama a fili, duhunta ya zama garkuwa. A shekarar 2000 Nina Jablonski da George Chaplin suka gwama taswirar ƙarfin rana da ta launin al'ummun duniya, suka ga sun dace ƙwarai. Bayanin da suka kawo shi ne, hasken nan yana lalata wani bitamin na cikin jini mai suna folat, wanda ɗan tayi ke bukata don lakarsa da ƙwaƙwalwarsa su ginu daidai. Wannan folat ɗin ne ake haɗawa da maganin ƙarin jini a ba mata a wajen awon ciki. Wanda fatarsa ta tsare masa shi ya fi samun lafiyayyen iri, irin nasa kuwa shi ya yaɗu.

To, me ya sa wasu suka yi fari? Domin jiki yana bukatar kaɗan daga wannan haske don ya haɗa bitamin D, wanda in babu shi ƙashi ba ya ƙwari, ƙafafun yaro su gwame. Da wasu mutane suka bar Afirka, kimanin shekara 60.000 da suka wuce, zuriyarsu ta kai ƙasashen doguwar inuwa. A can garkuwa ta zama shamaki: rana ba ta da ƙarfi, rini kuma ya tare ɗan abin da ke akwai. Sai masu ƙarancin rini suka fi dacewa da wurin, a hankali, zuriya bayan zuriya. Abin bai zo da wuri ba. Binciken da aka bayyana a 2018 kan ƙasusuwan wani mutum da ya rayu a Ingila shekara 10.000 da suka wuce ya nuna alamun cewa fatarsa mai duhu ce. Wannan ya shafi ma'aikacin da aka tura ƙaro ilimi Faransa da iyalinsa: da hunturun can, baƙar fata ta fi shiga haɗarin ƙarancin bitamin D, shi ya sa likitoci ke rubuta shi, musamman ga yara da masu ciki.

Sai mu koma mararrabar Takieta. In rana ɗaya ce, don me launi ya bambanta? Domin launi gado ne, ba ya bin ranar da mutum ya tashi a cikinta. A da, Damagaram mahaɗar ayari ce tsakanin Kano da Agadas har zuwa Tarabulus. Cikin kakannin Buzaye akwai mutanen arewacin Sahara, kuma auratayya ta cuɗa jama'a. Ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa su ba da launi, shi ya sa uwa ɗaya uba ɗaya sukan haifi baƙi da wankan tarwaɗa. Duhun da manomi ke ƙarawa da damina kuwa na ɗan lokaci ne, ba ya gadar wa ɗansa.

Zabiya shi ne shaidar abin da rashin rini ke yi a ƙasarmu. Ƙwayoyinsa suna nan, amma ba su iya haɗa melanin, ko kuma kaɗan suke haɗawa. Yakan faru in uwa da uba, ko da baƙaƙe ne, kowanensu yana ɗauke da ƙwayar gadon a ɓoye. A kowane ciki, damar haifar zabiya ɗaya ce cikin huɗu. Ba aikin iskoki ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Haɗarinsa shi ne sankarar fata tun da ƙuruciya. Malfa, riga mai dogon hannu da zaman inuwa da tsakar rana su ne kariyarsa, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a fuska, wuya ko kunne, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Nan ne magana ta iso ga ƴan kasuwa. Yawancin mayukan sa fari suna ɗauke da idrokinon, wanda ke hana ƙwayoyin fata haɗa rini, ko kortikoyid, wanda ke sirantar da fata. Alamun ɓarnar sanannu ne: gaɓoɓin yatsu baƙaƙe, fuska ja, nankarwa, ƙuraje, da baƙin tabo a kumatu mai wuyar magani. Mai shafawa tana cire garkuwarta ne a ƙasar da rana ke tsayawa tsaka. Kafin mai kanti ya jera kwalbar, ya karanta abin da aka rubuta a jikinta.